Yadda Tafinta Zai Shirya Takardar Kalmomi da Tsarin Rubutu Kafin Zaman Cinikin Farashi

Tafintan da aka ɗauka domin ya tsaya tsakanin tawagogin 'yan kasuwa biyu a zaman ciniki yana ɗauke da nauyin da ya bambanta da na mai fassara jawabin biki ko lacca. A wurin lacca, idan jimla ɗaya ta kuɓuce masa, sauran maganar za ta cike gurbin. A wurin ciniki kuwa, abin da ake jayayya a kansa lamba ce, kuma lambar ba ta tafiya ita kaɗai. Kowane farashi yana da abokan tafiya huɗu: irin kuɗin da ake nufi, ma'aunin da aka ɗora kuɗin a kansa, wurin da za a miƙa kaya, da sharaɗin da aka rataya wa tayin. Idan ɗaya daga cikinsu ya faɗi a hanya tsakanin bakin mai magana da kunnen mai sauraro, ɓangarorin biyu za su iya tashi suna murna alhali kowa abin da ya fahimta daban. Takardar kalmomi da tsarin rubutun da za a bayyana a nan an gina su ne domin kada ɗaya daga cikin huɗun nan ya ɓace.

Domin maganar ta zauna a kan abu ɗaya, za mu ɗauki cinikin riɗi. Tawagar farko 'yan kasuwa ne masu sito a Dawanau, a Kano, waɗanda Hausa suke ciniki da ita. Tawaga ta biyu masu saye ne daga jihar Gujarat ta Indiya, suna magana da Turanci, suna son a kai musu kayan tashar jiragen ruwa ta Mundra. Farashin da za a ambata a ƙasa duk na misali ne, an zaɓe su domin lissafin ya fito sarai, ba farashin kasuwar yau ba ne.

Mataki na farko: tattara takardu da yin tambayoyi

Kwana biyu ko uku kafin zaman, ka nemi wanda ya ɗauke ka aikin ya ba ka duk abin da aka riga aka rubuta tsakanin ɓangarorin: saƙonnin da suka yi musaya, takardar ƙiyasin farashi idan an aika, sakamakon gwajin samfurin riɗin, da tsohuwar yarjejeniya idan sun taɓa ciniki. Daga waɗannan takardu ne kalmomin zaman za su fito, ba daga ƙamus ba, domin kowane kamfani yana da yadda ya saba kiran abubuwa. Wasu 'yan kasuwa suna ƙin bayar da takardu saboda tsoron fitar sirri. A irin wannan hali ka nemi a rufe farashin a bar maka sauran rubutun, kuma ka nuna a shirye kake ka sa hannu a takardar riƙe sirri.

Bayan ka karanta, ka zauna da mutum ɗaya daga tawagar da ta ɗauke ka ko da na rabin sa'a ne, ka tambaye shi abubuwan da takarda ba ta faɗa. Da wane kuɗi za a yi maganar, naira ko dalar Amurka? Idan sun ce buhu, buhu mai kilo nawa suke nufi? Wane ne mai yanke magana a tawagar, wane ne mai ba da shawara kawai? Akwai dillali a tsakani, kuma la'adarsa tana cikin farashin ko a waje take? Abin da ba za ka tambaya ba shi ne farashin ƙarshe da za su iya sallamawa. Sanin wannan ba ya ƙara wa fassararka komai, sai dai ya ɗora maka nauyi, domin fuska da murya suna iya tona abin da baki ya ɓoye.

Mataki na biyu: gina takardar kalmomi

Takardar kalmomi mai amfani ba ta wuce shafi ɗaya gaba da baya. Wanda ya zo da shafi goma ba zai sami abin da yake nema ba a cikin daƙiƙa biyun da yake da su, kuma ƙarar buɗe takardu tana sa mutane su fara shakkar gwanintarsa. Ka raba shafin gida uku a tsaye: kalmar a harshen masu saye, yadda za ka faɗe ta da Hausa, da gajeren bayani na abin da take jawowa a aljihu. Gida na ukun shi ne mafi muhimmanci, kuma shi ne aka fi mantawa. Kada ka jera kalmomin bisa haruffa. Ka jera su bisa yadda ciniki yake tafiya, wato kaya da ingancinsa, ma'auni, miƙa kaya, biyan kuɗi, sannan kalmomin ciniki kansu, domin idan magana ta shiga batun inshora, duk abin da ya shafe ta yana wuri ɗaya a gaban idonka.

A ɓangaren inganci, riɗi yana da abubuwan da mai saye daga waje ba ya tsallakewa: tsabtarsa, wato kashi nawa cikin ɗari ne riɗi zalla, yawan ƙasa da tsakuwa da ƙaiƙayin da suka gauraya da shi, laimar da ke jikinsa, da yawan man da ke cikinsa. A nan akwai tarko ɗaya da ya kamata ka rubuta da manyan haruffa. Tsabta kashi 99 da datti kashi 1 abu ɗaya ne da aka faɗa ta fuska biyu, amma ɗaya ana cewa kada ya gaza, ɗayan kuma kada ya wuce. Ka rubuta kusa da kowane ma'aunin inganci ko iyakarsa ta sama ce ko ta ƙasa, domin tafintan da ya juya “kada laima ta wuce kashi 6” ya zama “laima ta kai kashi 6” ya canja yarjejeniyar gaba ɗaya.

A ɓangaren ma'auni, ka fara da tan. Tan ɗin da ake cinikin riɗi da shi kilo 1,000 ne, amma akwai gajeren tan na Amurka mai kilo 907 da dogon tan na Birtaniya mai kilo 1,016, don haka ka tabbatar tun farkon zama cewa mai kilo 1,000 ake nufi, ka kuma rubuta haka a saman takardar. Sai buhu. Buhun da ake ɗura wa kayan fita waje yawanci mai kilo 50 ne ko 25, wato buhu 20 ko 40 a tan ɗaya. Buhun da ɗan kasuwa ya sayo daga ƙauye kuwa ba lallai nauyinsa ya zama haka ba, domin sau da yawa da kwano aka cika shi ba da sikeli ba. Idan an gaya maka nasu kilo 80 ne, ka rubuta cewa buhu 12 da rabi ne tan ɗaya. Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar kimanin tan 19 na riɗi, amma ka tambayi adadin da su suke aiki da shi. Ka kuma ware layi ga bambancin nauyin kaya zalla da nauyinsa haɗe da buhu.

Ɓangaren miƙa kaya shi ne inda kuɗi mai yawa yake ɓuya a cikin haruffa uku. Ƙa'idojin da ake kira Incoterms, waɗanda Majalisar Kasuwanci ta Duniya da ke Paris take fitarwa, guda 11 ne a bugun 2020, amma a zama irin wannan huɗu ne za su fi fitowa. EXW yana nufin mai saye zai karɓi kaya a siton mai sayarwa, ɗawainiyar da ta biyo baya tasa ce. FOB yana nufin mai sayarwa zai kai kayan har cikin jirgi a tashar da aka ambata, misali Legas, daga nan kuɗin jirgi na mai saye ne. CFR yana nufin mai sayarwa zai biya kuɗin jirgi har tashar mai saye, CIF kuma ya ƙara da inshora. Ka rubuta a gida na uku cewa a CFR da CIF, duk da mai sayarwa ne ya biya jirgi, haɗarin kaya yana komawa kan mai saye tun lokacin da aka loda su a jirgi. Shawarata ita ce kada ka fassara waɗannan haruffa kowane lokaci. Ka yi cikakken bayaninsu da Hausa sau ɗaya a karon farko da suka fito, daga nan ka riƙa faɗin haruffan tare da sunan tashar, domin FOB ba tare da sunan tasha ba rabin magana ne.

A ɓangaren biyan kuɗi ka tanadi kafin alƙalami da kashin da yake ɗauka, ciko, takardar lamunin banki wadda ake rubutawa LC, turawa kai tsaye ta banki wadda ake rubutawa TT, takardar shaidar lodin jirgi wadda ake rubutawa BL, da fom ɗin NXP da mai fitar da kaya daga Najeriya yake cikewa ta bankinsa. Kusa da kowane wa'adi ka bar gurbin tambaya guda: kwanakin daga yaushe ake ƙirga su? Kwana 30 daga ranar lodi da kwana 30 daga ranar isowar kaya suna iya bambanta da fiye da wata guda.

Mataki na uku: yadda kowane ɓangare yake faɗin lamba

Wannan ya cancanci akwati na musamman a takardar. 'Yan kasuwar Indiya suna ƙirga manyan kuɗi da lak da kuror ko da Turanci suke yi: lak ɗaya 100,000 ne, kuror ɗaya kuma miliyan 10. Suna kuma sa waƙafi a wani wuri daban, ta yadda 273,600 za su rubuta shi 2,73,600. Wanda bai shirya wa wannan ba zai tsaya yana lissafi a ka yayin da magana take wucewa. Ka rubuta ɗan jadawali: lak 1, lak 10 wato miliyan ɗaya, kuror 1, domin idonka ya yi maka aikin.

Ɓangaren Hausa ma yana da nasa. Ɗan kasuwa ba ya cika faɗin lamba cikakkiya ga wanda suka saba. Zai ce “miliyan ɗaya da ɗari biyu” yana nufin 1,200,000, ko ya ce “mu bar shi a ɗari huɗu da sittin” yana nufin 1,460 saboda kowa ya san dubu ɗayan tana nan. Wani dattijo zai ce “ashirin ba biyu” maimakon goma sha takwas. Idan a tawagar akwai mutumin Maraɗi ko Damagaram, kalmar dala a bakinsa tana iya nufin sefa biyar, jika kuma sefa 1,000, don haka a zaman da ake maganar kuɗin Amurka ka riƙa cewa dalar Amurka cikakke. A Turanci kuma goma sha biyar da hamsin, da goma sha shida da sittin, sautinsu kusan ɗaya ne, musamman a bakin da ba ka saba ji ba. Ƙa'idarka a nan ita ce duk lambar da ka ji a gajarce ka cika ta a rubuce, ka kuma faɗe ta cikakkiya, idan kuma kana da ɗigon shakka ka tambaya kafin ka fassara.

Kalmomin ciniki na Hausa su ma suna buƙatar a yanke shawara a kansu tun a gida. Idan mai sayarwa ya ce “albarka”, ƙin tayi ya yi, kuma fassara shi da ma'anar addu'a zai sa baƙo ya ɗauka an amince. “Na sallama” karɓa ce tabbatacciya. “Taya” buɗe ƙofa ce ga mai saye ya faɗi nasa. “Za mu duba” da “Allah ya kai mu” ba alkawari ba ne, ba kuma ƙi ba ne, kuma dole fassararka ta bar su a buɗe kamar yadda mai maganar ya bar su. Ka rubuta wa kowace ɗaya daga cikinsu jimlar da za ka yi amfani da ita, domin a tsakiyar zafin ciniki ba lokacin neman lafazi ba ne.

Mataki na huɗu: tsarin rubutu

Ka tanadi littafin rubutu mai buɗewa ta sama, wanda za ka iya riƙewa a hannu ɗaya ka juya shafi ba tare da ka kalle shi ba, da biro biyu masu launi daban, da takarda ɗaya mai kauri wadda za ta zauna a gefe, ita ce takardar tayi. Tushen tsarin da tafintocin taro suke bi ya samo asali ne daga ƙa'idojin da Jean-François Rozan ya wallafa a Geneva a 1956: a rubuta ma'ana ba kalma ba, a gajarta, a nuna mahaɗan magana, a nuna kore magana da ƙarfafa ta, a kuma yi rubutun daga sama zuwa ƙasa ana matsawa gefe. Waɗannan suna nan daram, amma zaman ciniki yana buƙatar ƙari guda, wato a raba rubutun hujja da rubutun tayi.

A littafin ake rubuta hujja. Ka ja layi a tsaye kusa da gefen hagu, ka bar siririn gurbi. A wannan gurbin kake sa wanda yake magana da kuma ƙananan kalmomin da suke juya ma'ana: idan, amma, saboda, sai dai, har sai. A babban filin kuma kake rubuta wanda ya yi, a ƙasa kaɗan zuwa dama abin da ya yi, a ƙasa kuma abin da aka yi wa. Idan magana ɗaya ta ƙare ka ja layi a kwance. Amfanin wannan gangarowa shi ne ido yana ɗaukar tsarin maganar a kallo ɗaya, sai ka ɗaga kai ka dubi mutane kana magana maimakon ka riƙa karanto musu. Hujjoji irin su tsadar man mota daga Kano zuwa Legas ko ƙarancin kaya a bana ba sa buƙatar a rubuta su duka, kalma ɗaya ko biyu sun isa su tuna maka, domin ƙwaƙwalwa tana riƙe labari. Abin da ba ta riƙewa shi ne lamba da suna da kwanan wata, don haka da zarar ka ji ɗayansu ka bar duk abin da kake rubutawa ka kama shi tukuna.

Alamomi kada su wuce goma sha biyu, kuma duk ka saba da su kafin ranar. Alamar da aka ƙirƙira a tsakiyar zama ba ta karantuwa bayan minti biyu. Waɗannan sun isa:

```
S  mai sayarwa     Y  mai saye
↑  ƙari            ↓  ragi
≤  kada ya wuce    ≥  kada ya gaza
✓  an karɓa        ✗  an ƙi
?  a tabbatar      /t kowane tan
```

Takardar tayi kuwa ita ce zuciyar aikin. Ka raba ta gida biyu, hagu na mai sayarwa, dama na mai saye, kowa da launin bironsa. Duk lokacin da aka faɗi farashi ka rubuta shi a layi ɗaya da tsari ɗaya wanda ba ya canjawa: kuɗi, lamba, ma'auni, wurin miƙawa, sharaɗi. Idan ɗaya daga ciki bai fito daga bakin mai magana ba, gurbinsa zai zauna fanko a gabanka, kuma wannan fankon shi ne zai sa ka tambaya. Idan an janye tayi ka ja masa layi ɗaya siriri yadda zai ci gaba da karantuwa, kada ka goge, domin bayan sa'a guda wani zai ce a koma kan abin da aka faɗa ɗazu.

Zaman kansa, daga tayin farko zuwa sallamawa

Ana maganar kwantena 10, kowace tan 19, jimla tan 190. Alhaji, shugaban tawagar Kano, ya buɗe da dalar Amurka 1,500 kowane tan, FOB Legas. Mai saye ya yi dogon bayani a kan farashin da ake ba shi daga wasu ƙasashe, sannan ya taya 1,450, ya ƙara da CIF Mundra a ƙarshen jimla da murya ƙasa-ƙasa. Wanda ya kama lamba kaɗai zai ce wa Alhaji an taya 1,450, shi kuma ya ga tazarar 50 ce kawai, ya fara tunanin a raba ta biyu a tashi. Amma idan kuɗin jirgi da inshora sun kai dala 70 a kowane tan, tayin mai saye daidai yake da 1,380 a FOB, tazarar gaskiya kuma 120 ce. Dala 70 sau tan 190 dala 13,300 ke nan, kuma duk suna rataye ne a kan haruffa uku. Aikin tafinta a nan ba yin wannan lissafi a fili ba ne, domin lissafi da shawara na tawagar ne. Aikinsa shi ne ya faɗi tayin cikakke, ya ce dalar Amurka 1,450 kowane tan, CIF Mundra, wato kuɗin jirgi da inshora a kanku, ya kuma ba ƙarshen jimlar nauyin da ya ba farkonta.

A zagaye na biyu Alhaji ya ce, “To, mu dawo ɗari huɗu da sittin, in za su ba da kashi talatin kafin alƙalami.” Lambar a gajarce take, wurin miƙawa kuma bai fito ba. Sai tafinta ya ce, “Alhaji, a gafarce ni, dala dubu ɗaya da ɗari huɗu da sittin kowane tan, kuma har yanzu FOB Legas?” Bayan an tabbatar masa, sai ya juya ya gaya wa ɗaya ɓangaren a taƙaice cewa tambayar tabbatar da lamba ya yi, domin duk maganar da aka yi da harshen da wani ba ya ji tana haifar da zargi. Mai saye ya amsa da 1,490 CIF, da sharaɗin laima kada ta wuce kashi 6, tsabta kada ta gaza kashi 99, kafin alƙalami kuma kashi 20. A wannan lokaci, idan aka jera tayin gidajen biyu bi da bi, takardar tayi tana nuna haka:

```
S1  $1,500/t  FOB Legas              ✗
Y1  $1,450/t  CIF Mundra             ✗
S2  $1,460/t  FOB Legas   idan 30% gaba
Y2  $1,490/t  CIF Mundra  idan laima ≤6%, tsabta ≥99%, 20% gaba
```

Ka lura cewa a layi biyun ƙarshe lambar mai saye ta fi ta mai sayarwa girma. Wannan alama ce da ya kamata ta tsayar da kowane tafinta: idan mai saye yana bayar da fiye da abin da aka nema kuma ba a tashi ba, to ba a kan ma'auni ɗaya suke magana ba. A nan dalilin a bayyane yake, domin 1,490 CIF daidai yake da 1,420 FOB, tazarar 40 ta rage. A wani zaman dalilin zai iya zama wani yana maganar nauyi haɗe da buhu ɗayan kuma zalla, ko wani ya sa la'ada a ciki. Sauran alamun da suke nuna an rabu a fahimta su ne amincewa da ta zo da sauri fiye da kima bayan doguwar jayayya, da lokacin da mutum biyu suka danna kalkuleta kowa ya sami jimla daban. Idan ka ga haka kana da damar ka ce, a matsayinka na tafinta, kana neman a maimaita tayin da cikakkun sharuɗɗansa, kuma ka faɗi wannan a harsunan biyu.

Sharaɗi shi ne abin da ya fi saurin ɓacewa a zagaye na uku, lokacin da kowa ya gaji. Mai saye zai iya cewa ya karɓi 1,460, ya yi shiru a kan kashi 30, alhali Alhaji bai taɓa bayar da 1,460 ba sai tare da shi. Saboda kalmar “idan” tana rubuce a layin, za ka fassara abin da mai saye ya faɗa daidai, ba ƙari, amma za ka faɗe shi yadda zai fito fili cewa farashin kaɗai ya ambata. Idan kuma 'yan tawaga suka juya suna shawara a tsakaninsu da harshensu, ka ajiye biro a kan tebur inda kowa zai gani. Wannan batu ya kamata a daidaita shi tun kafin a fara, a gaya wa kowa cewa duk abin da aka faɗa a teburin za a fassara, wanda yake son sirri ya nemi a ba shi fili.

A misalinmu an tsaya a kan 1,440 FOB Legas, mai saye ya ɗauki nauyin jirgi da inshora, kafin alƙalami kashi 25, ciko kuma bayan an aika kwafin takardar shaidar lodi. Mai saye ya faɗi jimlar da irin ƙirgarsa, lak biyu da dubu saba'in da uku da ɗari shida, tafinta ya duba jadawalinsa ya rubuta 273,600, ya faɗe shi haka da Hausa.

Karanta sakamako kafin a tashi

Kafin a yi musabaha ka nemi izinin shugabannin tawagogin biyu ka karanta layin ƙarshe na takardar tayi a harsunan biyu, a hankali, abu bayan abu: tan 190 a kwantena 10, buhu 3,800 masu kilo 50, dalar Amurka 1,440 kowane tan FOB Legas, jimla 273,600, kafin alƙalami 68,400, ciko 205,200, laima kada ta wuce kashi 6, tsabta kada ta gaza kashi 99. Jimlolin kuɗin ka karɓe su daga kalkuletar ɓangarorin biyu bayan sun yi daidai, kada su zama lissafinka kai kaɗai. Manyan lambobin ka rubuta su a takarda ka ɗaga kowa ya gani da idonsa. A wannan karatu ne abubuwan da aka tsallake suke fitowa, kamar wanda zai biya kamfanin da zai gwada kayan kafin lodi, ko watan da za a yi lodin, kuma duk abin da ya fito ba a yanke shi ba ka sa masa alamar tambaya ka ambace shi a matsayin abin da ya rage.

Rubutunka ba shi ne rahoton taro ba, kuma bai kamata a ɗauke shi a matsayin shaidar yarjejeniya ba, domin an yi shi ne don tunatar da mutum ɗaya na 'yan mintuna. Idan wata tawaga ta nemi ka ba ta, ka bayyana haka, ka ba da shawarar sakatarorin ɓangarorin biyu su rubuta abin da aka amince su sa hannu. Shafukan littafin da takardar tayi ka yayyaga su bayan zaman, ko ka miƙa su ga wanda ya ɗauke ka aiki idan haka aka yi sharaɗi tun farko. Takardar kalmomi kuwa ka riƙe ta: a daren ranar ka cire sunayen kamfanoni da farashi, ka gyara duk fassarar da ka ga ba ta zauna a kunnen 'yan kasuwar ba, ka ƙara kalmomin da suka fito ba ka tanade su ba. Idan aikin gaba na citta ne ko zoɓo ko ƙaro, ɓangaren inganci da nauyin kwantena ne kaɗai za ka sake ginawa, sauran ɓangarorin suna nan yadda suke.